Malam, ta yaya zan ƙaddara abin da aka ce in tabbatar?

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin farko na jami'a, ina karanta kimiyyar kwamfuta. A tes ɗin lissafi an ce mu tabbatar ta hanyar indakshan cewa 1 + 2 + 3 + … + n = n(n + 1)/2. Na gwada daga 1 har zuwa 10 duk ya yi daidai, sannan na rubuta fomular da k + 1 hagu da dama, na yi ta warwarewa har na iso 0 = 0. Maki 2 na samu cikin 10. Malamin ya ja jan biro, ya rubuta wai na ɗauki abin da ake so in tabbatar. To ai shi ma a allo cewa yake yi "mu ƙaddara gaskiya ne ga k"! Me ya sa nasa ya halatta, nawa bai halatta ba? Saura sati uku jarrabawa, ina jin kunyar tambaya a aji, har na fara tunanin ko kaina ne ba na lissafi ba. Da ƙyar Babanmu yake biyan kuɗin makaranta, ba na son kari-oba.

'Yarka daga Funtuwa

Wa alaikumus salam, 'yata.

Kanki lafiyarsa ƙalau. Na ji daɗi ma da kika ƙi haɗiye wannan "mu ƙaddara" ba tare da kin tauna ba, domin a nan duk maganar take. Malaminki yana da gaskiya da ya rage miki maki, amma akwai bambanci tsakanin ƙaddarawarsa da taki, kuma da zarar kin gan shi sau ɗaya ba zai ƙara ɓace miki ba.

Kin san yadda yara suke jera kekuna a bakin makaranta, kowanne a tsaye a kan ƙafarsa, kusa da kusa? A ce ina so in gamsar da ke cewa duk kekunan za su zube ƙasa. Abu biyu kawai nake bukatar in nuna miki. Na farko, keken da yake bakin layi ya faɗi. Na biyu, duk inda kika duba a layin, tazarar da take tsakanin keke da na gabansa ta yi kusan da idan wannan ya faɗi, dole ya ture wancan. Ki lura da lokacin da nake yin aiki na biyu. Na durƙusa ina auna tazara, ina cewa "idan wannan ya faɗi, zai bugi na gaba." Ban ce ya faɗi ba. Yana nan tsaye ma a gabana. Abin da na tabbatar alaƙa ce tsakanin kekuna biyu, kuma alaƙar nan gaskiya ce ko an ture na farko ko ba a ture ba. Wannan "idan" ɗin ita ce "mu ƙaddara" ta malaminku.

Inda misalin ya gaza shi ne layin kekuna yana da ƙarshe, lambobi kuwa ba su da shi. Ba za ki iya bin su biyu-biyu kina auna tazara ba. Shi ya sa ake kawo harafin k. Ana ɗaukar lamba ɗaya ce da ba a faɗi ko wacece ba, a yi hujjar da ba ta dogara da wani hali nata na musamman ba, sai hujjar ta zama ta kowace lamba a lokaci guda.

Yanzu bari mu yi tambayar da ta kayar da ke, daga farko har ƙarshe. Da Turanci za ki rubuta a jarrabawa, amma tsarin ɗaya ne.

Fara da ba wa maganar suna, domin ki san abin da kike nufi duk lokacin da kika ce "gaskiya ne." Ki rubuta: bari P(n) ta zama maganar da take cewa

1 + 2 + 3 + … + n = n(n + 1)/2

kuma za mu nuna P(n) gaskiya ce ga kowace lambar ƙirga n, daga 1 zuwa sama. P(n) magana ce, ba lamba ba. Tana iya zama gaskiya ko ƙarya, amma ba a tara ta da komai. Na sha ganin ɗalibai sun rubuta P(k) + (k + 1), wanda ba shi da ma'ana.

Mataki na farko shi ne tushe, wanda kuke ji ana kira bes kes. Ki sa n = 1, ki lissafa kowane ɓangare daban. Ɓangaren hagu lamba ɗaya ce tak a cikinsa, wato 1. Ɓangaren dama kuma 1(1 + 1)/2, wato 2/2, wanda ya ba da 1. Hagu ya yi daidai da dama, saboda haka P(1) gaskiya ce. Keken farko ya faɗi ke nan. Layi biyu ne ko uku, amma ki nuna ɓangarorin biyun a fili, kada ki rubuta "a bayyane yake" ki wuce.

Mataki na biyu ni ina kiransa matakin ɗorawa, domin a cikinsa ake ɗora k + 1 a kan k. Yana buɗewa da zato. Ki rubuta: mu ƙaddara P(k) gaskiya ce ga wata lamba k, inda k ≥ 1, wato

1 + 2 + 3 + … + k = k(k + 1)/2

Kalmar "wata" tana da nauyi a nan. Da kin rubuta "ga kowace lamba k," to da lalle kin ɗauki abin da aka ce ki tabbatar, domin shi ne ainihin tambayar, harafi kawai kika sauya. Lamba ɗaya ake ƙaddarawa.

Kafin ki ci gaba, ki koma gefen takarda ki rubuta wa kanki inda za ki sauka. Duk inda n take a fomula ki sa k + 1:

1 + 2 + 3 + … + k + (k + 1) = (k + 1)(k + 2)/2

Ki sa masa alama cewa wannan shi ne abin da ake nema. Ba ki mallake shi ba tukuna, saboda haka ba ki da ikon yin aiki da shi. Kallonsa kawai za ki riƙa yi don ki san inda kika dosa.

Sai ki ɗauki ɓangaren hagu shi kaɗai, ki fara tafiya da shi:

1 + 2 + 3 + … + k + (k + 1)
= k(k + 1)/2 + (k + 1)
= (k + 1)(k/2 + 1)
= (k + 1)(k + 2)/2

Layi na biyu shi ne zuciyar hujjar. Lambobin da suke daga 1 zuwa k, duka an kwashe su an sa k(k + 1)/2 a madadinsu, kuma zaton da muka yi ne ya ba mu izinin hakan. Ki rubuta a gefen layin, "bisa zaton da aka yi." Mai duba takarda wannan wurin idonsa yake fara nema. A layi na uku an lura cewa k + 1 yana cikin kashi biyun duka, sai aka fitar da shi waje. Abin da ya rage daga kashi na farko k/2 ne, daga na biyu kuma 1. A layi na huɗu an mai da 1 ya zama 2/2, sai k/2 + 2/2 ya zama (k + 2)/2. Ki ɗaga ido ki dubi gefen takarda: mun sauka daidai inda muka ce za mu sauka.

Idan fitar da k + 1 ɗin bai zo miki ba a cikin zafin jarrabawa, ba laifi. Ki buɗe baka duka. k(k + 1)/2 + (k + 1) zai ba ki (k² + 3k + 2)/2, sannan ki nuna cewa k² + 3k + 2 shi ne (k + 1)(k + 2). Hanyar ta fi tsawo kaɗan, makin ɗaya ne.

Daga nan sai rufewa, jimla ɗaya ko biyu: tunda P(1) gaskiya ce, kuma duk lokacin da P(k) ta zama gaskiya P(k + 1) ma gaskiya ce, to bisa ƙa'idar indakshan P(n) gaskiya ce ga kowace lamba n ≥ 1. Kada ki bar wannan, da yawan malamai suna ware mata maki.

Ina so ki taɓa abin da hannunki, kada ya tsaya a haruffa. Ki samo murafen kwalbar lemo, ki zauna a kan tabarma ki jera su: ɗaya a sama, biyu a ƙarƙashinsa, uku, sannan huɗu. Ki ƙirga, 10 ne, fomula ma ta ce 4 × 5/2 = 10. Yanzu ki ƙara sahu na biyar a ƙasa. Ba sai kin sake ƙirgawa daga sama ba, tunda kin riga kin san na sama 10 ne. Biyar kawai za ki ɗora, ya zama 15. Ki rubuta shi yadda muka yi da haruffa: 4 × 5/2 + 5 = 5 × (4/2 + 1) = 5 × 3 = 5 × 6/2. Layukan nan su ne na ɗazu sak, an dai sa 4 a wurin k. Da za ki sa 99 a wurin k, haka za su tafi ba tare da an sauya komai ba. To wanda ya ce miki bai yarda jimillar 1 zuwa 100 ita ce 5050 ba, ga yadda za ki bi da shi: P(1) mun gani da ido. Matakin ɗorawa da k = 1 ya ba mu P(2). Da k = 2 ya ba mu P(3). Sau 99 za ki maimaita ki isa 100. Duk lambar da aka ambata, komai girmanta, ana isa gare ta da adadin matakai masu ƙarewa. A wurin da ake amfani da P(k) na gaske, an riga an same ta daga ta bayanta. Babu inda aka ci bashin da ba a biya ba.

Yanzu takardarki. Abin da ya kamata ya zauna a gefe a matsayin wurin sauka, shi kika mayar layin farko, da alamar daidai a tsakiya, kamar kin riga kin san hagu da dama ɗaya ne. P(k + 1) kika ƙaddara ke nan, ita kuwa ita ce ake jira ki kawo. Malaminku ya ƙaddara keken baya don ya nuna na gaba zai faɗi, ke kuma na gaban kika ƙaddara.

Za ki ce ai kin iso 0 = 0, wanda gaskiya ne. Matsalar ita ce ana iya tashi daga ƙarya a sauka a kan gaskiya. Ki ɗauki −3 = 3, ƙarya ce tsagwaronta. Ki ninka kowane ɓangare da kansa, sai ki sami 9 = 9. Ko ki ɗauki 1 = 2, ki ninka hagu da dama da 0, ga 0 = 0 nan ta fito. Isa ga gaskiya ba ya wanke inda aka taso, sai fa idan an nuna kowane mataki yana juyuwa baya. Ga abin da zai sanyaya miki rai: idan a cikin warwarewarki kin sa k(k + 1)/2 a madadin 1 zuwa k, kuma tarawa da ɗebewa da ninkawa da 2 kawai kika yi, to matakanki suna juyuwa, aljebrarki daidai take, hujjar tana cikin takardarki a kife. Ki karanta ta daga ƙasa zuwa sama za ki gan ta. Idan kuwa ba ki yi amfani da zaton ko sau ɗaya ba, to ba indakshan kika yi ba, ko da lissafin ya yi kyau. Wannan gwaji ne da za ki riƙa yi wa kanki a kowace tambaya: ki sa yatsa a kan layin da zato ya shigo. In kin rasa layin, akwai gyara.

Gwajin da kika yi daga 1 zuwa 10 kuma ba ɓata lokaci ba ne, ni ma haka nake fara yi in na ga sabuwar fomula, don in san ko ta cancanci wahala. Sai dai ba hujja ba ne. Akwai wani sanannen misali da ake dangantawa da Leonhard Euler: n² + n + 41. Ki sa 0, ki sa 1, ki sa 2, za ki sami 41, 43, 47, duka lambobin da babu mai raba su sai 1 da su kansu. Haka za ta yi ta ba ki har zuwa n = 39, sau 40 a jere ba kuskure. Ki sa 40 sai ta ba da 1681, wanda shi ne 41 × 41. Wanda ya tsaya a 10 ya rantse, ya yi rantsuwa a kan ƙarya bai sani ba.

Akwai fomuloli biyu na ƙarya da nake so ki yi da kanki a daren nan, domin su ne za su nuna miki aikin kowane mataki fiye da duk bayanina.

Ta farko: a ce wani ya zo ya ce jimillar 1 zuwa n ita ce n² − n + 1. Ki sa 1, ta ba da 1, tushe ya tsaya. Ki sa 2, ta ba da 3, nan ma daidai. To ki shiga matakin ɗorawa. Zato ya ce jimillar 1 zuwa k ita ce k² − k + 1. Ki ɗora k + 1, za ki sami k² + 2. Wurin sauka kuwa (k + 1)² − (k + 1) + 1 ne, wanda in kin buɗe shi zai zama k² + k + 1. Yaushe k² + 2 zai yi daidai da k² + k + 1? Sai idan k = 1 kawai. Kin ga aljebrar da kanta ta faɗa miki labarin: keken farko ya ture na biyu, daga nan tazara ta yi faɗi. Ki duba n = 3, fomular ta ce 7, gaskiya kuwa 6 ce. Idan kika ga hagu ya ƙi sauka a wurin da kika rubuta a gefe, kada ki tilasta shi da goge-goge. Ko dai akwai kuskure a aljebrarki, ko kin kwafi tambayar ba daidai ba, kuma sa k = 2 ko 3 a kowane layi zai nuna miki layin da ya karkace.

Ta biyu ita ce ta fi ba ɗalibaina mamaki. A ce jimillar ita ce (2n + 1)²/8. Ki tsallake tushe, ki tafi kai tsaye ga ɗorawa:

(2k + 1)²/8 + (k + 1)
= (4k² + 4k + 1 + 8k + 8)/8
= (4k² + 12k + 9)/8
= (2k + 3)²/8

Kuma (2k + 3)²/8 shi ne ainihin abin da za ki samu in kin sa k + 1 a wurin n. Matakin ɗorawa ya tafi sumul, babu kuskure ko ɗaya a cikinsa. Amma ki sa n = 1, sai ki ga 9/8, ba 1 ba. Ki sa 2, 25/8, ba 3 ba. Kullum tana wuce gaskiya da 1/8. Kekuna sun jeru kusa da kusa yadda ya kamata, amma babu wanda ya ture na farko, saboda haka ko ɗaya bai faɗi ba. Wannan ya ƙara nuna miki cewa "mu ƙaddara" ba ta tabbatar da komai ita kaɗai: ga shi mun ƙaddara ƙarya, mun yi matakin lafiya lau, kuma ba mu sami komai ba, domin tushe bai tsaya ba.

Kada ki ɗauka abu ne da kowa yake ganewa a zama ɗaya. Masanin lissafi al-Karaji, wanda ya yi aiki a Bagadaza wajen shekara ta 1000, ya yi amfani da irin wannan tunani na gina mataki a kan na bayansa, amma sai a ƙarni na 17 Blaise Pascal ya shimfiɗa shi a fili da matakansa biyu, sunan da kuke kiransa da shi kuma Augustus De Morgan ne ya yi amfani da shi a 1838. Ke da kike karanta kwamfuta ma za ki sake haɗuwa da wannan jimillar ba da jimawa ba. Idan kina da abubuwa n kuma kina son gwada kowanne da kowanne sau ɗaya, adadin gwajin 1 + 2 + … + (n − 1) ne, wato n(n − 1)/2, kuma da shi ake auna nauyin wasu hanyoyin jera bayanai.

Ga abin da nake so ki yi da sati ukun nan. Gobe ki rufe wannan shafi, ki rubuta hujjar ɗazu da ka a farar takarda, kina faɗa wa kanki dalilin kowane layi da baki. In kin maƙale, ki duba, ki rufe, ki sake daga farko. Bayan nan ki ɗauki tsohuwar takardar tes ɗinki da sabuwar da kika rubuta, ki je ofishin malamin a lokacin da yake ganin ɗalibai. In kina jin nauyi ki tafi da ƙawarki, hakan ma ya fi dacewa. Ba roƙon maki za ki je ba. Ki ce masa, "Malam, ga yadda na gyara, a duba mini ko tsarin ya yi." Kowane malami yana da yadda yake son a jera matakan da kalmomin da yake son gani, kuma minti biyar a gabansa zai nuna miki nasa.

Sannan ki gwada wannan, jimillar lambobin mara:

1 + 3 + 5 + … + (2n − 1) = n²

Tushe mai sauƙi ne, hagu 1, dama 1². Tarkon yana cikin ɗorawa. Hannunki zai so ya ɗora k + 1 saboda ya saba, alhali abin da ake ɗorawa shi ne lamba ta gaba a jerin. Ki samo ta ta hanyar sa k + 1 a cikin 2n − 1, wato 2(k + 1) − 1, wanda ya zama 2k + 1. Ki tabbatar da murafenki: 1, 3, 5, 7 sun cika murabba'i mai huɗu-huɗu, 16 ke nan, kuma don ya zama mai biyar-biyar sai kin ƙara huɗu a gefe, huɗu a ƙasa, ɗaya a kusurwa, 9 ke nan, wato 2 × 4 + 1. Sauran layi biyun na bar miki. Idan kin gama ita, ki matsa zuwa 1² + 2² + … + n² = n(n + 1)(2n + 1)/6, inda za ki ɗora (k + 1)², kuma ki fitar da k + 1 waje tun da wuri kafin ki buɗe baka, in ba haka ba lissafin zai yi miki yawa. Ki aiko mini da abin da kika samu in duba. Allah ya ba da sa'a, ki gaida Baba.